Kaset ɗin ɗaurin auren 1996 yana rawa, kala ta koɗe: da me ake gyarawa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna da kaset-kaset na bidiyo guda 14 a akwatin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na ɗaurin auren yayarmu a 1996, don nan ne kaɗai muke da Baba yana magana, inda yake yi wa ango nasiha a zaure. Ƙanena ya aro tsohon dek wajen maƙwabci, ya sayo 'yar na'urar nan ta USB mai waya ja da fara da rawaya, ya juye kaset ɗin a kwamfuta. Abin da ya fito ba ya kalluwa. Hoton sai rawa yake, saman yana lanƙwashewa gefe, kalar ta koɗe, manyan rigunan maza sun zama fari fat ba ka ganin ko aikin wuya. Shi dai ya ce kaset ɗin ne ya mutu. Akwai manhajar da ke tsayar da rawar ta dawo da kala? Ko a waya ce ina so.

Abba_Dorayi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ki sa shi a CapCut, akwai wajen da aka rubuta Stabilize, ki danna, sai ki ƙara Saturation. Minti biyar an gama.

Injiniya_Samaru:
Allah ya gafarta wa Baba, Hajiya. Kafin a taɓa kowace manhaja ina da tambaya. Masu ɗaukar biki na lokacin suna yawan barin kwanan wata a kusurwar hoto. Akwai shi a naku? In akwai, ki zuba wa rubutun ido ki manta da mutanen. Yana tsaye cak mutane da gini ne ke yawo, ko shi ma rubutun yana karkarwa?

Dalilin tambayar shi ne rawa iri-iri ce. Akwai ta hannun mai ɗauka, akwai ta dek ɗin da ke karanta kaset. Kyamara ce ke buga kwanan watan a kan hoto, ba ruwansa da hannun mai ɗauka, saboda haka ko mutumin gudu yake yi rubutun ba zai motsa ba. In kika ga rubutun na karkarwa, matsalar daga wajen karanta kaset ɗin take, kuma abin da Abba ya faɗa ba zai taɓa ta ba.

Maman_Ilham:
Akwai, 14 12 1996 a ƙasa ta hagu. Na duba yanzu. Lambobin kansu suna karkarwa, gefensu kamar ana jan su hagu da dama. Ƙyauren zauren ma ba ya miƙe, yana 'yar lanƙwasa yana dawowa. Amma kuma wajen da aka fito waje ana gaisawa, can kam har da hannun mai ɗaukar, don jama'a na ture shi.

Sani_MaiBidiyo:
To Hajiya kin haɗa biyun ke nan. Ni na yi wannan sana'ar tun zamanin Panasonic M3000 da M9000, waɗanda ake saɓawa a kafaɗa. Bari in gaya miki abin da ba a faɗa wa masu biki: wanda muke ba ku ba shi ne kaset ɗin da ya fito daga kyamara ba. Mukan koma shago mu haɗa dek biyu, mu sa sunan ango da amarya da furanni a farko, mu ɗora kiɗa, mu juye a wani kaset. Na asalin kuwa sati mai zuwa an ɗora wani bikin a kansa, don kaset kuɗi ne. In naku ya fara da rubutu da kiɗa, kwafi ne. In 'yan uwa sun sake kwafa daga kwafin, to jika ne. Kowace juyawa kala na raguwa, jan kaya na malalowa gefe. Wannan tun ranar da aka ba ku haka yake, talabijin ɗin da ce take rufa mana asiri.

Ummu_Sadik:
Kai Malam Sani, yau ka tona asirin 'yan uwanka. Ashe shi ya sa namu jan ashoben ƙawaye yake fita daga jikinsu yana bin bango.

Abba_Dorayi:
Ni dai na san kaset shekara goma yake yi ya mutu, maganaɗisun jikinsa ke sacewa. Wannan ya kusa talatin. A yi haƙuri da abin da aka samu kawai.

Injiniya_Samaru:
Abba, kaset na lalacewa, gaskiya ne, amma ba shi da wa'adin shekara goma. Ana karanta na shekarun 1980 yau lafiya lau in an ajiye su a busasshen wuri. Kuma kaset ba ya koɗewa irin yadda hoton takarda ke yi a rana. In ya fara lalacewa, fararen layuka ne ke gilmawa, ko hoto ya ɗauke ya dawo. Fari fat ɗin da Hajiya ta gani ya fi kama da aikin na'urar juyawa.

Ga abin da ke faruwa da rawar. Hoton bidiyo layi-layi ake rubuta shi daga sama zuwa ƙasa, 576 ne ake gani a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya. Kowane layi yana da lokacin da ya kamata ya fara. Dek kuwa inji ne mai bel da rola, zaren kaset ɗin ma yana miƙewa, don haka wani layin ya riga lokaci da ɗan kaɗan, wani ya makara. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana bin kowane layi yadda ya zo, ba ka lura. 'Yar na'urar USB mai araha ba ta da wannan haƙurin, duk layin da ya makara sai ta ajiye shi a karkace. Shi ne ƙyauren da kika ga yana lanƙwasa, shi ne kuma saman hoton da ke karyewa gefe.

Maganinsa abin da ake kira TBC, wanda ke jera layukan kafin su shiga kwamfuta. Wasu manyan dek na S-VHS suna da shi a ciki, irin Panasonic NV-FS200 ko JVC HR-S9600, sai dai samunsu da lafiya yanzu aiki ne, don tun 2016 kamfanin ƙarshe da ke ƙera dek, Funai, ya daina. Hanya mai sauƙi ita ce a nemo tsohuwar rikodar DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko DMR-ES15. Ba faifai za a sa ba. Waya za ta fito daga dek ta shiga rikodar, wata ta fito daga rikodar ta shiga na'urar USB. Wucewar da hoton ya yi ta cikinta kawai ke miƙar da layukan. Ko wajen sa faifan ya lalace ba komai.

Maman_Ilham:
Injiniya, wato ka ce a sake juyawa daga farko? Awa uku fa ƙanena ya zauna.

Injiniya_Samaru:
A sake, Hajiya. Abin da ya shiga fayil a karkace ya zauna ke nan. Ki ce masa ya buɗe fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo, ya turo mana abin da ya gani.

Hajiya_Yalwa:
Ku dakata da maganar inji tukuna. 'Yata, kin duba sauran kaset ɗin ta 'yar tagar nan? In kika ga wani abu fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce. Namu da suka kwana biyu a ɗakin da ke yoyo da damina haka suka yi. Yaro ya sa ɗaya a dek, daga nan duk wanda aka sa bayansa sai yayyafi kawai, har masu lafiyar.

Dan_Gwandu:
Fumfuna ai mai sauƙi ce. A shanya kaset a rana wuni ɗaya, ta mutu. Haka muke yi wa na rediyo.

Sani_MaiBidiyo:
Haba Dan_Gwandu! Ranar Kano? Robar za ta lanƙwashe, zaren ya yi ƙwanƙwasa a gefe, kuma gefen nan ne ke ɗauke da sauti da abin da ke riƙe hoto ya tsaya. Ko ta bushe ma garin yana nan, shi ne ke toshe hed, wato ɗan abin da ke karanta zaren a cikin dek. Mai fumfuna a ware shi a leda daban, a bar shi sai an gama da masu lafiya. Ana goge shi, amma sai an kwance kaset ɗin, a riƙa juya zaren a hankali yana bi ta kan ƙyalle mara gashi, a waje, da takunkumi a hanci. Ba a dek ɗin da za a yi aiki da shi ba.

Abin da ya samu dek ɗin su Hajiya Yalwa hed ne ya toshe, bai mutu ba. A cire wuta, a buɗe murfi, za a ga wani ganga mai sheƙi a karkace. A yanko farar takarda, a jiƙa da sifirit irin na masu gyaran waya, wanda aka rubuta isopropyl 99% a kwalbar. A dafa takardar a jikin gangan da yatsa, a juya gangan da ɗaya hannun. Kada a goga sama da ƙasa, kada a sa auduga, hed ɗin ɗan ƙaramin abu ne, yana kama zare ya karye. A bari ya bushe sarai kafin a sa kaset.

Kuma Hajiya Maman Ilham, kafin komai ki duba bayan kowane kaset. Akwai 'yar roba mai kusurwa huɗu, ki ɓalle ta. In babu ita, ko yaro ya danna REC ba zai ɗauka ba. Na san gidan da rabin walimarsu ta koma wasan ƙwallo.

Nura_Kanin_Maman_Ilham:
Salam. Ni ne ƙanin. Ga abin da MediaInfo ya nuna: 640x480, 30 FPS, MP4, girman fayil 1.3 GB. Da manhajar OBS na ɗauka, ban canza komai ba sai girman hoton.

Injiniya_Samaru:
Yauwa Nura, ga rawa ta uku ta fito. Kaset ɗinku hoto 25 yake bayarwa a daƙiƙa. Ka ce wa kwamfuta ta rubuta 30, ita kuma ba ta da inda za ta samo biyar ɗin, sai ta riƙa maimaita hoto ɗaya bayan kowane biyar. Shi ya sa in kyamara ta juya daga wannan gefe zuwa wancan za ka ga tana tafiya tana cijewa. Sannan layi 576 ka matse su zuwa 480. Awa uku a 1.3 GB kuwa, matsin ya yi yawa, fuskoki za su dame.

In za ka sake, ka sa 720x576, 25 FPS, PAL. Ni manhajar VirtualDub ko AmarecTV nake so a wannan aikin, don ba sa taɓa hoton, kuma suna nuna maka in wani firem ya faɗi. Ka ajiye bidiyon da tsarin HuffYUV ko Lagarith, waɗanda ba sa zubar da komai. Ka shirya wuri, awa ɗaya tana cin wajen 30 GB ko fiye.

Maganar fararen riguna kuma. Haske a bidiyo yana da iyaka, baƙi a 16, fari a 235. Na'urorin nan sau da yawa suna zuwa da Contrast a sama, sai duk abin da ya yi haske ya buge rufi ya zama fari ɗaya. Aikin wuyan rigar yana nan a kaset, a hanya aka yanke shi. A VirtualDub ka kunna Histogram, ka kai kaset wajen da aka fi haske, wato inda aka fito rana da manyan riguna, ka rage Contrast har jan da ke gefen dama ya ɓace. Ka koma wajen da ya fi duhu a zaure ka daidaita Brightness haka nan. Sai ka mayar da kaset farko ka fara ɗauka. Hoton zai yi maka kamar bai da armashi, ka bar shi haka. Ana ƙara armashi daga baya, amma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Sani_MaiBidiyo:
Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Awa ɗaya 30 GB? Kaset 14 fa. Hoton da asalinsa dishi-dishi ne, kwafin kwafi, me za a adana a ciki har haka? Ni tsarin DV mai matse bidiyo nake yi wa mutane, 13 GB a awa, babu wanda ya taɓa dawowa ya ce ya ga bambanci. Ku 'yan boko kuna son wahalar da mutane.

Injiniya_Samaru:
Ranka ya daɗe, in kallo kawai za a yi, DV ya wadatar, ban musa ba. Amma wannan za a gyara masa kala, a tsayar da rawa, a sake matse shi. Hoto mai yayyafi shi ya fi wahalar matsewa, kuma duk tabon da matsin farko ya bari, gyara na ƙara fito da shi. Ko duk 14 ɗin awa uku-uku ne, had-dis mai 2 TB zai ɗauke su. Ba kuma lallai a yi wa duka haka ba. Na Baba dai a yi masa.

Sani_MaiBidiyo:
Na Baba na yarda. Sauran na kamu da na sauka, DV. Kuma ina da ES10 a shago tana shan ƙura, Nura ya yi mini magana ta akwati in ara masa. Sharaɗi ɗaya: kada a haɗa mini ita da janareto kai tsaye. A sa sitabilaiza, in da inbata ma ya fi. In wuta ta ɗauke kaset na ciki, kada a ja shi da ƙarfi, a jira ta dawo.

Bilkisu_Tudun_Wada:
Don Allah tunda ana maganar, bidiyon sunan ɗana da ke wayata ya goge, an ce akwai yadda ake dawo da shi?

Abba_Dorayi:
Anti Bilkisu wannan wata maganar ce daban, ki buɗe sabuwar tambaya. Amma ki duba Recently deleted tukuna.

Hajiya_Yalwa:
Ni abin da nake so in ja kunne a kai ba na inji ba ne. Kaset ɗin biki ba zaure kaɗai ya ɗauka ba. Akwai cikin gida, akwai kamu, mata babu mayafi suna rawa, wasunsu yanzu matan manya ne, wasu sun rasu. Da can kaset ɗaya ne a ɗakin uwar gida, sai wanda aka yarda da shi ke gani. Yanzu in ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Duk wadda za ta kai nata shago ta zauna a wurin har a gama, ta ga an goge daga kwamfutarsu da idonta. Kuma kafin a tura wa dangi a yanke, a fitar da na zaure daban, na cikin gida daban.

Ummu_Sadik:
Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Mu da muka juye na yayanmu muka tura zauren dangi, ashe amaryar ciki ba ita ce ke gidan yanzu ba. Sai da aka kwana biyu ana ba da haƙuri.

Dan_Gwandu:
Mu kam tun wajen 2005 aka mayar mana da namu faifan CD, aka zubar da kaset ɗin. Hankali kwance.

Injiniya_Samaru:
In VCD ne aka yi muku, 352x288 ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake iya ɗauka daga kaset. Tunda kaset ɗin ya tafi, shi ne asalinku yanzu. Ka sa faifan a kwamfuta tun yana karantuwa, ka shiga MPEGAV, ka kwafe fayilolin .DAT ɗin yadda suke, kada ka canza su zuwa komai. Faifan da aka ƙona a shago ba ya da tabbas.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni tawa matsalar daban ce. Muna da kaset na sunan ƙanwata a 1991 a Zinder, kawunmu ya ɗauka da kyamarar da ya zo da ita daga Faransa. Muna yara mun kalle shi da kala. Yanzu na sa shi a dek ɗin da na saya a Kano, hoto ya fito tsaf amma baƙi da fari. Wannan shi ne koɗewar da kuke faɗa?

Sani_MaiBidiyo:
A'a, kalarka na nan. Ku a Nijar tsarin SECAM kuke yi, mu PAL. Ka nemo dek ɗin da aka rubuta Multi System a gabansa, irin waɗanda alhazai ke zuwa da su daga Saudiyya, za ka ga kala.

Injiniya_Samaru:
Malam Sani ya gano ciwon, amma maganin ba lallai ya yi ba. SECAM a kaset iri biyu ce. Dek ɗin da ake kawowa daga ƙasashen Larabawa yawanci MESECAM suke yi, Faransa kuwa tana da tata hanyar rubuta kala a kaset, kuma ɗaya ba ya karanta kalar ɗaya, sai dai baƙi da fari. In kyamarar VHS ce ta kasuwar Faransa, dek ɗin Faransa za ka nema, sannan na'urar juyawar ma a saita ta a SECAM. Ina ganin a Zinder ko Yamai za ka fi saurin samu fiye da Kano. Kyamarar tana nan? In tana aiki, ita ma tana iya karanta kaset ɗinta.

Dan_Damagaram:
Kyamarar an daɗe da rabuwa da ita. Zan tambayi wani tsohon mai gyara a nan. Malam Sani, in na samu Multi System ɗin ma zan gwada, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Maman_Ilham:
Jama'a ga labari. Nura ya karɓo na'urar Malam Sani, Allah ya saka da alheri, ya sake juyawa yadda Injiniya ya ce. Lambobin kwanan watan sun tsaya cak, ƙyaure ya miƙe, lanƙwasar saman ta tafi. Rigar Baba ashe ba fara ba ce, ruwan ƙwai ce mai haske, har aikin wuyan ya fito. Yaya da ta gani sai da ta yi kuka. Saura abu uku. Cikin zauren komai ya yi rawaya-rawaya. Wajen gaisawa har yanzu hannun mai ɗauka na rawa. Sannan akwai wani wuri ana tsakiyar nasihar da wani layi mai yayyafi ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa na 'yan daƙiƙu, kullum a wuri ɗaya.

Sani_MaiBidiyo:
Na ukun nan tauna ce. Wani dek ya taɓa cin zaren a wurin ya yamutse. In ka danna ɗan maɓallin gefe ka ɗaga murfin kaset ɗin a daidai wurin za ka ga layin. Ba ya gyaruwa. Kada wani ya ce zai yanke ya liƙa da salatif, danƙon zai bi hed. In muryar na fita, a gode wa Allah a bar shi.

Nura_Kanin_Maman_Ilham:
Muryar na fita. Amma Injiniya, sabon fayil ɗin in mutum ya motsa hannu sai in ga gefensa ya yi haƙora-haƙora. Na farkon bai yi haka ba. Wani abu na ɓata?

Injiniya_Samaru:
Ba ka ɓata komai ba, alama ce ta cewa ka ɗauka daidai. Kowane hoto ɗaya a kaset rabi biyu ne da aka ɗauka a lokaci daban, layukan mara da na cika, rabi 50 a daƙiƙa. Kwamfuta na nuna su a haɗe, shi ne haƙoran. Wannan fayil ɗin ka sa masa suna asali, kada ka sake taɓa shi. Duk gyara a kwafi za a yi.

Tsarin aikin yana da muhimmanci. Farko a raba rabin nan su zama cikakkun hotuna 50, motsi zai yi santsi irin na talabijin. QTGMC ya fi kyau, yana cikin manhajar Hybrid, amma bwdif na manhajar ffmpeg ma ya isa. Na biyu a yanke 'yan layukan ƙasan hoto masu yagewa, waɗanda kowane kaset ke da su, don in an bar su mai tsayar da rawa zai ɗauka motsi ne. Sai na uku a tsayar da rawar. Zagaye biyu ake yi, na farko ya auna, na biyu ya gyara:

```
ffmpeg -i asali.avi -vf "bwdif=1,crop=704:560:8:4,vidstabdetect=shakiness=5:result=t.trf" -f null -
ffmpeg -i asali.avi -vf "bwdif=1,crop=704:560:8:4,vidstabtransform=input=t.trf:smoothing=20,setsar=12/11,format=yuv420p" -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac -b:a 192k kallo.mp4
```

Ka san abin da za ka biya. Manhajar tana matsar da hoton gaba ɗaya don ta soke motsin hannu, sai ta ɗan zuƙo shi don ɓoye gefen da ya buɗe. Hoto zai ƙara laushi, hulunan na gefe za su iya yankewa. Kuma kwanan watan da muka sha wahala ya tsaya, yanzu shi zai riƙa yawo, tunda mutanen aka tsayar. In ka ƙara smoothing da yawa abin zai fi muni. Shawarata ka yanko wajen gaisawar kaɗai ka yi masa. Wajen nasihar, tunda mai ɗaukar a tsaye yake, ka cire vidstab ɗin gaba ɗaya.

Rawayar zaure kuwa daga ranar bikin take: ƙwan fitila mai zafi aka kunna, kyamarar kuma an saita ta don hasken rana. A DaVinci Resolve ko Shotcut akwai abin tsinkar launi na White Balance. Ka nemi abin da ka tabbata fari ne a wurin, ka danna a kai. Kada ka danna rigar Baba, tunda mun ji ba fara ba ce, in ka yi haka kowa zai koma shuɗi. Rawanin liman ko takardar da ke hannun wani ya fi. Zaure daban, waje daban, kowanne da nasa saitin. Saturation kuma kaɗan, kana wuce kima jan zai fara tafasa.

Abba_Dorayi:
To ashe dai a ƙarshe Stabilize da Saturation ɗin da na faɗa tun farko aka dawo.

Ummu_Sadik:
Abba ka ji tsoron Allah.

Sani_MaiBidiyo:
Ni da za a bi tawa, ko wajen gaisawar ba za a taɓa ba. Turereniyar nan ita ce ɗaurin aure. Wanda ya ɗauka yana tsakiyar mutane ana ture shi, haka ranar ta kasance. In ka tsayar da shi cak sai ya zama kamar daga kan katanga aka ɗauka.

Maman_Ilham:
Malam Sani, Umma ce ke cewa yana sa ta jiri, kuma a nan ne ƙannenta biyu da suka rasu suka fito. Za mu yi guda biyu, kowa ya kalli wanda yake so. Ajiyar fa? Nura ya ce filas ya ƙi karɓar babban fayil ɗin alhali akwai wuri.

Abba_Dorayi:
Wannan kam na sani. Filas ɗin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4 GB. A mayar da shi exFAT, amma a kwashe abin da ke ciki tukuna don zai goge. In za a tura wa dangi ta WhatsApp a tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi ya dame.

Injiniya_Samaru:
Daidai ne Abba. Sai dai filas na kai wa mutane ne, ba na ajiya ba. Asalin a sa shi a had-dis biyu, ɗaya a gidanku, ɗaya a gidan Yaya, a riƙa kunna su lokaci-lokaci ana dubawa. Kaset ɗin kuma kada a yar. A mayar da zaren farko, a sa a kwalinsa, a jera a tsaye, nesa da lasifika da bangon da ke jiƙa.

Nura_Kanin_Maman_Ilham:
Wata sabuwa. Na fara kaset na biyu, na saukar Alƙur'ani. Farko baki da murya suna tafiya tare, amma wajen awa biyu baki ya riga murya da kusan daƙiƙa ɗaya. Na Baba bai yi haka ba.

Injiniya_Samaru:
Ka duba gefen dama a VirtualDub lokacin ɗauka, wajen Frames dropped. In lambar na hawa, hoto ne ke zubewa sauti na ci gaba. A ina kake ajiyewa? In kai tsaye kake rubutawa a had-dis na waje ta USB ɗin da ke kusa da na'urar juyawa, ka koma na cikin kwamfuta, ka rufe komai, ka kashe intanet. In kuma lambar na tsalle ne a wuri ɗaya kawai, duba ko akwai inda aka tsayar da ɗauka aka bar fili babu hoto kafin a ci gaba. Irin wannan kaset ɗin gida-gida ake ɗaukarsa: ka tsaya a filin, ka buɗe sabon fayil.

Nura_Kanin_Maman_Ilham:
A na waje nake ajiyewa, na cikin saura 40 GB. Kuma akwai fili har biyu, an ɗora wani suna a bayan saukar. Bari in kwashe kaya in gwada gida-gidan in an kawo wuta.